Iyayen Ango da Amarya: Yadda Masana Nahawu Ke Gano Yankunan Jimla, da Inda Gwajinsu Ke Saɓawa

Idan aka aiko yaro gidan biki ya ce “Iyayen ango da amarya sun iso”, su wa za a fita a tarba? Wani zai ji cewa iyaye ne na ɓangare biyu, na ango da na amarya. Wani kuma zai ji cewa iyayen ango ne suka zo, ga amarya tare da su. Kalmomin ba su canza ba, jerinsu bai canza ba, amma saƙo biyu ne. Bambancin yana cikin yadda kunne ya tara kalmomin. A ji na farko “ango da amarya” ne suka dunƙule wuri guda, sannan “iyayen” ya hau kansu. A ji na biyu “iyayen ango” ne dunƙule guda, “amarya” ta zo daga baya.

Irin wannan dunƙule shi ne masana ginin jimla ke kira yanki. Duk wanda ya yi darasin nahawun Hausa a sakandare ya san manyan biyu, yankin suna da yankin aiki, kuma a kansu ne littafin nahawun da M. K. M. Galadanci ya fitar a 1976 ya ɗora bayanin jimla. Matsalar ita ce yanki ba ya da alama a rubuce. Babu waƙafi tsakanin “iyayen” da “ango”, kuma mai magana ba ya tsayawa ya numfasa a ƙarshen kowane yanki. To da me za a kafa hujja cewa waɗannan kalmomi uku tafiyarsu ɗaya, waɗancan ukun kuwa maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su?

Tambayar ta daɗe. Leonard Bloomfield, a littafinsa na 1933, shi ne ya yayata ra'ayin cewa jimla tana rabuwa gida-gida, kowane gida kuma ya sake rabuwa, har a iso ga kalma. Zellig Harris a 1946 da Rulon Wells a 1947 suka nemi hanyar da za a bi a yi rabon ba tare da dogaro da “haka nake ji” ba. Noam Chomsky ya ƙara nasa a 1957. Daga ayyukan nan aka samu gwaje-gwajen da ake koya wa ɗalibai har yau. Uku daga ciki sun fi shahara, kuma duk Bahaushe zai iya yin su da bakinsa ba tare da ya buɗe littafi ba.

A ɗauki jimlar nan: “Dillalai sun sayi baƙin doki a kasuwa.”

Gwaji na farko shi ne maye gurbi. Ana neman kalma guda, galibi wakilin suna, da za ta zauna a madadin jerin kalmomin da ake zargi, ma'ana ba ta ɓace ba. “Dillalai sun saye shi a kasuwa.” Kalmar “shi” ta ɗauke “baƙin doki” gaba ɗaya, saboda haka yanki ne. “Dillalai sun sayi baƙin doki a can” ta nuna “kasuwa” ma tana da magaji. Amma a nemo kalma guda da za ta gaji “doki a”, ba za a samu ba. Wannan gwajin ne ke warware rikicin gidan biki: idan za a iya cewa “Iyayensu sun iso”, to “ango da amarya” ne yanki, idan kuwa “Su da amarya sun iso” ake nufi, to “iyayen ango” ne. Duka biyun sun ci gwajin, domin jimlar gini biyu gare ta, ba don gwajin ya ruɗe ba.

Na biyu shi ne ƙaura. Abin da yake yanki yakan iya tashi gaba ɗaya ya koma farkon jimla idan ana son ƙarfafa shi. “Baƙin doki ne dillalai suka saya a kasuwa.” “A kasuwa ne dillalai suka sayi baƙin doki.” Duka Hausa ce tsantsa. Amma “Doki ne dillalai suka sayi baƙin a kasuwa” ba ta nufin abin da aka fara faɗa, domin an fizge suna an bar sifarsa a baya.

Hausa tana da kirki ga mai wannan gwaji, domin takan bar shaida cewa ƙaura ta faru. “Sun” ya koma “suka”, “sayi” kuma ya koma “saya” tunda babu karɓau a gabansa. Wannan shaida tana da amfani, saboda akwai wani gini mai kama da ƙaura da ke yaudarar ɗalibai: “Baƙin dokin nan kam, dillalai sun saye shi a kasuwa.” A nan “sun” yana nan daram, kuma “shi” ya cike gurbin. Dokin ambato ne kawai aka yi a farko don a san a kan me ake magana. Masana irin su Laurice Tuller, wadda ta rubuta kundin digirinta na uku kan ginin jimlar Hausa a 1986, sun raba gine-ginen biyu da irin wannan hujja.

Na uku shi ne haɗi, wanda Chomsky ya ba muhimmanci a 1957. Ƙa'idar ita ce abin da za a iya haɗawa da ɗan'uwansa ta hanyar mahaɗi, yanki ne. “Dillalai sun sayi baƙin doki da farar saniya a kasuwa.” An haɗa “baƙin doki” da “farar saniya”, magana ta zauna.

Har nan komai lafiya: “baƙin doki” ya ci gwaji uku a jere. Da haka kowane jerin kalmomi yake, da an rufe babin tun tuni.

A dubi wannan: “Sarki ya ba liman doki, ladan kuma riga.” Babu Bahaushen da zai ce ba Hausa ba ce. Me aka haɗa? A zahiri “liman doki” ne a gefe guda, “ladan riga” a ɗaya gefen. Idan aka bi ƙa'idar haɗi ido rufe, dole a ce “liman doki” yanki ne. Sai dai sauran gwaje-gwajen biyu sun ƙi amincewa. Babu wakilin suna guda da zai gaji liman da dokinsa a lokaci ɗaya. “Sarki ya ba shi” ba ta ɗauke su biyun ba. Ƙaura ma ba ta yiwuwa: ana cewa “Liman ne sarki ya ba doki”, ana cewa “Doki ne sarki ya ba liman”, amma “Liman doki ne sarki ya ba” shirme ne. Ga gwaji ɗaya ya ce i, biyu sun ce a'a.

Masana sun rabu gida uku a kan irin wannan. Wasu sun ce ai jimla biyu cikakku aka haɗa, sai aka share abin da ya maimaitu a ta biyu. Wato asalin maganar “sarki ya ba liman doki, ya ba ladan riga”, mai magana ya ga babu amfanin sake “ya ba”. Wannan layin tunani yana komawa ga John Ross, wanda ya yi nazarin irin jimlolin da ake tsallake aikatau a cikinsu, kamar “Audu ya ci tuwo, Bala kuma shinkafa”. Wasu sun bi Richard Larson, wanda a maƙalarsa ta 1988 ya ce karɓau biyun suna cikin yanki guda da gaske, aikatau ne ya fara zama a cikinsa tare da su sannan ya haura gaba ya bar su. Idan haka ne gwajin haɗi bai yi ƙarya ba, sai dai a nemo dalilin da ya hana yankin ƙaura. Na uku su ne irin su Mark Steedman, waɗanda suka gina nahawun da ke yarda jimla ɗaya ta rabu ta hanyoyi da yawa ba tare da ma'anarta ta canza ba, ta yadda kusan duk abin da aka iya haɗawa yanki ne.

A Hausa dai, bayanin farko ya fi samun ƙafar tsayawa, kuma hujjar tana cikin mahaɗin kansa. Hausa ba ta amfani da kalma ɗaya wajen haɗa komai. “Da” na haɗa suna da suna ne, jimla da jimla kuwa ko a jera su kawai ko a sa “kuma”. A gwada “da” a jimlar sarki: “Sarki ya ba liman doki da ladan riga.” Kunne zai fara jin kamar an ba liman doki an haɗa masa da ladan, daga nan maganar ta watse. “Kuma” ce kaɗai ta iya aikin, ta kuma zauna bayan “ladan”, daidai inda take zama a cikakkiyar jimla irin “Ladan kuma ya samu riga”. Wannan alama ce cewa ragowar jimla ce ke tsaye a wurin.

Gwajin haɗi ke nan, mai saurin yarda. Gwajin ƙaura akasinsa ne: yana korar abubuwan da kowa ya san yankuna ne.

“Ladi ta sayi gero da dawa.” Babu shakka “dawa” yanki ce, tunda kalma ce guda, suna ce, kuma ana iya faɗaɗa ta a ce “jar dawa”. Amma a ɗauke ta zuwa farko: “Dawa ce Ladi ta sayi gero da.” Ba ta zauna ba. A yi ƙoƙarin gyarawa da wakilin suna, a ce “Dawa ce Ladi ta sayi gero da ita”, sai labari ya canza, Ladi ta zama mai musayar dawa da gero. Ross ne ya ba wannan suna a kundinsa na 1967 a jami'ar MIT. Ya nuna akwai gine-ginen da ba sa barin a fitar da komai daga cikinsu, ya kira su tsibirai, kuma abubuwan da aka haɗa da mahaɗi suna cikinsu. Haka mallaka take a Hausa. A “Na sayi gonar Audu”, “Audu” ya ci gwajin maye gurbi, domin ana cewa “gonarsa”; ya ci gwajin haɗi, domin ana cewa “gonar Audu da Bala”. Amma ba ya fita shi kaɗai ya bar gurbi wayam. Ko dai a ɗauko gonar tare da shi, “Gonar Audu ce na saya”, ko a bar wakili a baya, “Audu ne na sayi gonarsa”.

Shi kansa yankin aikatau, wanda littattafan nahawu ke zana wa reshe na musamman a bishiyar li'irabi, da ƙyar yake sha. A “Dillalai sun sayi doki”, shin “sayi doki” yanki ne? Maye gurbi ya ce i: “Dillalai sun sayi doki, manoma ma sun yi haka.” Abin da “yi haka” ya gada shi ne sayen da dokin a tare. Ƙaura kuwa ta ce a'a, domin ba a cewa “Sayi doki ne suka”. Sai an mai da aikin suna, an kawo “yi” ya riƙe masa wuri: “Sayen doki suka yi.” Haɗi ma haka. “Sun sayi doki da sayar da saniya” ba ta yi ba, dole a maimaita lamirin a ce “sun sayi doki, sun sayar da saniya”. Amma da zarar an koma lokaci mai ci, ƙofa ta buɗe: “Tana wanke kwanuka da share tsakar gida.” Yankin bai ɓace a shuɗaɗɗen lokaci ya dawo a mai ci ba. Abin da ya canza shi ne bayan “tana” aikatau yana ɗaukar halin suna, “da” kuwa suna take so.

Darasin da masana suka ɗauka daga nan shi ne kowane gwaji yana auna abu biyu a lokaci guda: kasancewar jerin yanki, da kuma wani sharaɗi nasa na kansa. Maye gurbi yana bukatar harshen ya mallaki kalmar da ta dace. Ƙaura tana bukatar hanyar fita ta zama a buɗe. Haɗi yana bukatar mahaɗin da ke karɓar irin wannan kaya. Saboda haka faɗuwa gwaji ba ta cika zama hujja ba, sai an binciki dalilin faɗuwar. Cin gwaji ma yana da nasa tarkon. Wanda ya mai da jimlar dillalai “Dillalai sun saye shi” yana iya ɗauka “shi” ya gaji “baƙin doki a kasuwa” baki ɗaya, alhali “a kasuwa” zubar da ita kawai aka yi. Hanyar ganewa ita ce a mai da ita a gani: “sun saye shi a kasuwa” ta zauna, ke nan “shi” bai taɓa haɗiye ta ba.

Akwai wata ƙaramar kalma da ta fi duk waɗannan ba masu nazarin Hausa wahala, wato “wa” ta kaikaitaccen karɓau. “Ladi ta dafa wa baƙi abinci.” Ina “wa” take, tare da “dafa” ko tare da “baƙi”?

Maye gurbi ya amsa da sauri: “Ladi ta dafa musu abinci.” Kalma guda ta ɗauke “wa baƙi”, don haka ga alama yanki ne, kamar “a kasuwa” ko “da wuƙa”. To a kai su gwajin ƙaura a gani. “A kasuwa suka saya” ta yi. “Da wuƙa ya yanka” ta yi. A duka biyun ƙaramar kalmar ta bi sunanta zuwa farkon jimla. “Wa baƙi ne Ladi ta dafa abinci” kuwa babu mai faɗin ta. Abin da ake faɗa shi ne “Baƙi ne Ladi ta dafa wa abinci”. Baƙi sun tafi, “wa” ta maƙale a jikin aikatau. Haka a tambaya: “Wa kika dafa wa abinci?” Haɗi ma ya bi bayan ƙaura, domin ana cewa “ta dafa wa baƙi da yara abinci”, ba a cewa “ta dafa wa baƙi da wa yara”.

Yanzu biyu da ɗaya ke nan, amma ƙidayar ƙuri'a ba ta isa ba; sai an koma an binciki mai shaida ɗayan. Shin “musu” kalma guda ce da gaske? Karin harshen yamma ya taimaka a nan. A wuraren Sakkwato da Katsina, da sassan Nijar da yawa, “ma” ake cewa inda Bakano zai ce “wa”: “ta dafa ma baƙi”. A jera wannan da “masa”, “mata”, “masu”, sai a ga abin a fili. “Ma” ce da wakilin suna manne da ita, “musu” kuwa “masu” ce da wasalin farko ya bi na ƙarshe. Ke nan “su” ne kaɗai ya gaji “baƙi”, ƙaramar kalmar tana nan ba ta je ko'ina ba. Ƙa'idar rubutu da ta ce a rubuta su a haɗe ita ce ta sa gwajin ya yi kamar ya ci. Ƙarin tabbaci shi ne ita ma “musu” ba ta ƙaura: ba a cewa “Musu ne ta dafa abinci”, sai “Su ne ta dafa wa abinci”.

Wannan ya sa masana da dama suke ɗaukar “wa” a matsayin abin da ke jingine da aikatau, duk da ba su daidaita kan ƙarfin jinginar ba, wato ko ɗafi ce da ta zama ɓangaren kalmar ko kalma ce mai zaman kanta da ba ta iya nisa da shi. Paul Newman, wanda babban littafinsa na nahawun Hausa ya fito a 2000, da Philip Jaggar, wanda nasa ya fito a 2001, duka sun ba kaikaitaccen karɓau fili mai yawa, kuma Muhammad Munkaila ya rubuta kundin digiri na uku sukutum a kansa a Landan a 1990. Kalma mai baƙi ɗaya da wasali ɗaya ta ci tawada ba kaɗan ba.

Wasu masanan sun nemi bayani guda da zai rufe saɓanin gwaje-gwaje baki ɗaya. Colin Phillips, a maƙalarsa ta 2003 da ta fi dogara da Ingilishi, ya ce jimla ana gina ta ne daga farko zuwa ƙarshe, kalma bayan kalma, kamar yadda ake furta ta. A tsakiyar ginin wasu kalmomi kan zama yanki na ɗan lokaci, sannan kalmar da ta biyo baya ta rushe shi ta kafa wani. Gwajin haɗi yana iya kama yankin tun kafin ya rushe, shi ya sa yake yarda da abubuwa da yawa, har da haɗa aikau da aikatau a bar karɓau ɗaya a ƙarshe ya yi musu aiki tare, abin da Ingilishi ke yi. Wasu gwaje-gwajen kuwa suna zuwa ne bayan an ƙara kalmomi, lokacin da yankin ya riga ya tafi. Bayani ne mai kyan tsari, amma bai taɓa matsalar “da” da “kuma” ba, wadda ta Hausa ce.

Akwai kuma inda har yanzu shaidu ke jan igiya. “Audu ya sayar da doki.” A ido “da doki” kamar “da wuƙa” yake. Ƙaura ta ce ba haka ba ne: ba a cewa “Da doki Audu ya sayar”, sai “Doki ne Audu ya sayar”, inda “da” ta ɓace ɗungum. Haɗi ma bai goyi bayan “da doki” ba sosai, tunda a “ya sayar da doki da saniya” babu yadda za a nuna cewa “da” ta biyu irin ta farko ce ba mahaɗi ba. Sai mutum ya fara karkata ga cewa “sayar da” abu guda ne, kamar yadda “dafa wa” take. To a shigo da wanda aka sayar wa: “Audu ya sayar masa da doki.” “Masa” ta ratsa tsakani, “da” ta rabu da aikatau ta tsaya a jikin doki, abin da “wa” ba ta yi. Wanda zai zana wa wannan jimla bishiyar li'irabi dole ya rataya “da” a reshe guda, kuma duk reshen da ya zaɓa, ɗaya daga cikin jimlolin nan biyu, ta ƙaura ko ta “masa”, za ta bukaci ƙarin bayani.